Ɗan da Ban Ƙirga Ba

Ranar da aka yi mini rajista a ofishin 'yan gudun hijira, can bayan garin Alƙahira, suka tambaye ni 'ya'ya nawa na haifa. Na ce huɗu. Biyar ne. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba ƙarya na shirya ba. A wajenmu mace mai kunya ba ta sa ɗan fari cikin lissafi, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna shi ta ce nata ne. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita ta rene shi. Har ya yi gemu ya tara iyali, in zan yi zancensa sai dai in ce "yaron gidan nan". Shi ma ko a hanya muka haɗu, ya durƙusa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon katanga. Haka na ga uwata ta yi wa yayana, ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ba a yin haka ba.

To shi ne aka kashe.

Mu mutanen bakin tafki ne, can gabas. Sana'ata bandar kifi. Masu bindiga suka ce yana kai wa sojoji rahotonsu, suka zo gida da rana tsaka suka harbe shi a ƙofar zaure, suka sa wa gidan wuta, suka ce duk jininsa da suka gani sai sun gama da shi. Daga nan na bi hanya, Chadi, Sudan, har na faɗo hannun autana da ke karatun addini a nan. Muna zaune a unguwar Darrasa, ɗaki ɗaya da falo a saman bene. A nan matan ɗalibai suka koya mini boko bayan na ba sittin baya, shi ya sa kuke ganin wannan rubutun. In kun ga layi ya karkace, hannun ne, ba labarin ba.

Da aka kira ni babbar hira, wadda daga ita ake yanke ko mutum ɗan gudun hijira ne ko a'a, na je da sabon mayafi kamar mai zuwa suna. Jami'in ya ce in faɗi abin da ya koro ni. Na ce an kashe wani yaro a gidanmu. Ya ce wane yaro. Na ce yaron gidan. Ya ce ɗanki ne? Na sunkuyar da kai. Tafinta ya maimaita, na ce to, haka ake cewa. Ya duba fayil ya ga huɗu, dukkansu da rai. Ya ce mene ne sunansa. Na ce a tambayi ƙaninsa, yana waje. Ya ce ni ake tambaya. Na ƙi faɗa, ina ma jin haushin rashin tarbiyyarsa, yaro ƙarami yana so ya sa ni abin kunya a gaban namiji. Sannan ya shiga tambayar wane wata ne, kafin azumi ko bayan azumi, wuta aka fara sawa ko harbin. Na ce kafin azumi. Can anjima na ce bayan sallah. Wallahi duka biyun a lokacin gaskiya nake ganin na faɗa. Na fito ina gaya wa auta ai na burge su, ko hawaye ban yi ba.

Takardar ƙi ta zo. Auta ya karanta ya zauna a ƙasa. Sun ce maganata ba ta tsaya wuri ɗaya ba: uwa ba ta san sunan ɗanta ba, ba ta sa shi cikin 'ya'yanta ba, ba ta san lokacin da ya mutu ba. Wata guda aka ba mu mu ɗaukaka ƙara. In wannan ma ta faɗi, za a rufe fayil, katina na masu jiran hukunci, mai ruwan ɗorawa, ya mutu, izinin zamana ya bi shi. Karatun auta kuwa saura kaɗan ya ƙare. Tsohuwa ba takarda a garin nan, ba gidan komawa a can.

Wani abokin karatunsa ya kai mu wajen masu taimakon shari'a kyauta. Lauyar, wata Bamisriya siririya mai saurin magana, ta shigar da ƙarar kafin lokaci ya wuce, ta ce sauran hujja za ta biyo baya. Sai ta ce tana so in ga likitar ƙwaƙwalwa, ta duba ni ta rubuta rahoto.

Na ce, "Ki gaya mata ni ba mahaukaciya ba ce."

Auta ya ce, "Inna, ba haka ake nufi ba."

"To me ake nufi? Ƙafa ce ke mini ciwo, a kai ni wajen likitan ƙafa."

Da na koma gida na kai ƙara wajen maƙwabciyata ta ƙasan bene, Bahaushiyar Sudan, wadda ta daɗe a garin har tana zagin mai kayan miya da Larabcinsu. Ta tafa hannu ta ce, "Ke Hajiya, ai kin samu! Khalas, an gama. Takardar hauka ita ce takarda. Amma fa sai kin nuna musu. In kika je kika zauna kamar matar liman, za su ce lafiyarki ƙalau. Ki sa takalmi wari da wari. In an tambaye ki sunanki ki ce ba ki sani ba. Ki riƙa yi wa bango magana."

Na ce, "Me zan ce wa bangon?"

"Ki gaishe shi mana. Ki tambaye shi ya yara."

Ni da na ƙi a ce mini mahaukaciya da safe, da la'asar ina tsaye a ɗaki ina gwajin gaida bango. Ranar zuwa na sa silifa ɗaya ja ɗaya baƙi, na juya mayafina bai-bai. Auta ya kalli ƙafata a cikin mota, ya ɗauka tsufa ne.

Wurin a unguwar Abbasiya yake, wani gida a hawa na biyu, ba gadon asibiti, ba warin magani. Kujeru ne da ƙaramin tebur. Aka ce auta ya jira a waje, ɗan mutum ba ya yi masa tafinta a irin wannan. Suka kawo wata yarinya 'yar Maraɗi, matar wani ɗalibi, ita ce tafinta. Likitar kuwa, da kowa ke ce wa doktora, ba ta wuce sa'ar 'yata ta uku ba. Ta fara da bayani: abin da na faɗa ba zai fita ba sai wajen lauyata, sai kuma ofishin in na yarda. Za a karanta mini rahoton kafin a miƙa. In na gaji in ce a tsaya. Ta ce kuma ba ita ke ba da kati ba, abin da ta gani kawai za ta rubuta. Na yarda? Na manta ni mahaukaciya ce, na karɓi biro na rubuta sunana tsaf, ina ma ɗan jan wutsiyar harafin ƙarshe don ta ga na iya.

Ta ce, "Mene ne sunanki, Hajja?"

Na ce, "Ban sani ba."

'Yar Maraɗi ta kalli takardar da na sa wa hannu, ta kalle ni. Na juya wajen bango na ce, "Ina kwana. Ya yara?"

Yarinyar ta ce, "Inna, wannan ma in fassara?"

"Fassara mana, 'yar nan, aikinki ne."

Ta fassara tana danne dariya. Doktora ba ta yi dariya ba, ta rubuta wani abu. Ta ce yaya barcina. Bakina ya riga ni, na ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Cin abinci? Alhamdu lillahi. Damuwa fa? Na ce Musulmi ba ya damuwa. Sai na tuna, na sake juyawa na ce wa bangon ya gajiya. Kun ga hauka biyu ke nan a zama ɗaya, na aro da nawa na gado, kowanne yana ɓata wa ɗan'uwansa aiki.

Ana cikin haka mai gas ya shigo layin. Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san su, suna tura tukwanen gas suna dukan ƙarfen da sifana don a san sun zo. Ƙwam, ƙwam, ƙwam, daidai ƙarƙashin taga. Abin da na sani kawai, na tsinci kaina a tsugune bayan ƙofa, hannuna a ka, zanina ya jiƙe da gumi, ina jin ƙaurin hayaƙi a ɗakin da ko ashana ba a ƙyasta ba. Doktora ta durƙusa nesa kaɗan, ba ta taɓa ni ba. Ta sa yarinyar ta riƙa gaya mini a hankali ina Abbasiya, yau Talata, in taka ƙasa da ƙafata, in faɗi launin labule. Na ce kore ne, kuma yana son wanki.

Da na koma kujera ta ce, "Wannan yana yawan faruwa?"

Na ce, "Wannan ai ba komai ba ne, mai gas ne. Kullum haka muke yi da shi."

Ashe abin da ake nema ke nan, ni kuwa ina ta ɓoye shi don kada a ce tsohuwa da tsoro. Na ɗauka mutanen ɓoye ne na kwaso a hanya. Har ɗalibai auta ya taɓa tarawa suka yi mini karatu, suka tofa, suka cinye mana shinkafa.

Na cire silifas ɗin na ajiye gefe, na gaya mata wadda ta ba ni shawarar bango. Ta ce ma'alish, wato ba komai, ba ni ce ta farko ba.

Na koma wajenta sau da yawa. Ba ta fara da ranar ba. Ta tambayi ƙuruciyata, aurena, rasuwar mai gidana tun da daɗewa, ko akwai mai taɓin hankali a danginmu, ko na taɓa faɗuwa na bugu a ka, wane magani nake sha na hawan jini. Na ce wannan duk me ya haɗa shi da kati. Ta ce dole ta duba ko wani abu dabam zai iya jawo abin da ke damuna. Komai na faɗa sai ta ce tun yaushe. Rashin barci, tun yaushe? Tun bayan abin. Mafarkin zaure? Tun bayan abin. Kwana da mayafi ɗaure a ƙugu don ko za a gudu? Haka. Na gaya mata ni da na ci abinci da hayaƙi tun ina amarya, yanzu in mai gasa masara ya hura gawayi sai in canja layi. Ta karanto wasu tambayoyi daga takarda, wai in ce kaɗan, ko da yawa, ko sosai. Na ce ita dai ba ta gajiya.

Ranar da muka zo kan abin da kansa, na faɗa mata a guntu-guntu. Launin rigarsa na sani. Kazar da ta tsallake ƙafarsa na sani. Amma wane wata ne, da abin da ya riga wani, sun narke mini. Ta ce in bar abin da ban tabbatar ba, in ce ban tabbatar ba, kada in cike gurbi don in faranta wa mai tambaya. Ba wanda ya taɓa gaya mini ana iya cewa ban sani ba a gaban hukuma.

Sai ta lura ina ta cewa yaron, yaron. Ta ce ta ga ba na faɗin sunansa. Shi ma tun bayan abin?

Na ce, "A'a. Tun ranar da aka raɗa masa."

Ta ajiye biro. 'Yar Maraɗi ta nemi izini ta ce ita ma uwarta ba ta faɗin sunan babbar yayarsu. Doktora ta gode mata, amma ta ce daga bakina take so ta ji. Na yi mata bayanin ɗan fari tun daga yaye. Ta ce da ba ta tambaya ba, da ta sa shi cikin alamun ciwon, domin masu irin ciwona sukan guje wa duk abin da zai tuna musu. Ta ce wannan kuwa ya girmi ciwon, gurbinsa dabam.

Na ce, "Ki sa shi cikin ciwon mana, ya ƙara nauyi."

Ta ce a'a.

Sannan ta tambaye ni ko ina son shi. Tambayar banza. Na gaya mata duk kifin da ya fi maiƙo a banda nakan ware in ba yarinya ta kai gidansa ta ce daga maƙwabta ne. Ya san daga inda yake. Daga nan ban iya ci gaba ba, aka tashi ranar.

Da rahoton ya kammala aka kira ni, yarinyar ta karanta mini shi da Hausa daga farko har ƙarshe. Wajen labarina, kowane layi "ta ce", "ta bayyana cewa". Na ce wato ita ma ba ta yarda da ni ba. Doktora ta ce ba ta wurin ranar, ba za ta rubuta kamar ta gani ba. Abin da ta gani da idonta, irin na mai gas, shi ta rubuta da bakinta. Ta jera alamun, ta ba ciwon suna, wani dogo, ma'anarsa firgicin da ke zama a jikin mutum bayan mummunan abu ya wuce, da baƙin ciki mai nauyi a kansa. Ta rubuta cewa zaman baƙunta da rashin tabbas suna ƙara shi, amma su kaɗai ba su isa su bayyana hayaƙin da ƙarar ƙarfe ba. Ta rubuta cewa mai irin wannan ciwon yakan riƙe ƙananan abubuwa daram, lokaci da jerin abin kuwa su rikice masa. Zancen ɗan fari ta sa shi gefe guda, ta ce ga abin da na gaya mata, ba alamar ciwo ba ce, kuma al'adar Hausawa ba fanninta ba ce, a nemi tabbaci wajen waɗanda suka sani.

Sai ga bangona a ciki. Wai a zaman farko na nuna wasu halaye da ba su yi kama da kowane ciwo ba, na kuma faɗa da kaina shawara aka ba ni, ban sake ba. Wai ta auna ko ƙirƙira nake yi, ta ga akasin haka, rage abin nake yi.

Na ce, "Yanzu har silifas ɗina sai manya sun karanta? Ki goge."

Ta ce ina da iko in hana a miƙa rahoton gaba ɗaya, amma ba za ta cire wannan ta bar sauran ba.

Ƙarshensa kuma ya fi ba ni haushi. Wai alamun da ta samu sun dace ƙwarai da abin da na ce ya faru. Na ce dace? Kamar zani da ɗankwali? Ki rubuta tsohuwar nan gaskiya ta faɗa, ki buga hatimi. Ta ce suna da matakai, daga bai dace ba, zuwa ya dace, zuwa ya dace ƙwarai, har sama inda ba abin da zai jawo ciwon sai wannan ɗin. Ta ce nawa inda ta sa shi nan hujjarta ta kai. Gaskiya ko ƙarya, masu hira ne za su yanke.

Na fita ina mita har mota. Na ce wa auta duk shayin da na sha a wurin nan a banza, yarinya ta ƙi hawa da ni mataki ɗaya. Lauya kuwa da ta karanta cewa ta yi tamam, ya yi daidai. Ta ce rahoton da ya faɗi abin da bai yi wa mai shi daɗi ba, shi ake yarda da sauransa. Ta nemo bayanin al'adar a rubuce daga wani dattijon malami Bahaushe, auta ya ba da sunan yayansa da nasa bayanin, ta haɗa ta miƙa. Na sa hannu, da silifas da komai.

Aka daɗe, sannan aka sake kirana hira. Wannan karon mai hirar mace ce, tafinta ma mace, kamar yadda doktora ta roƙa a rahoton. Ta ce in na gaji a huta. Da ta tambayi wane wata ne na ce ban tabbatar ba, ruwa dai ya ja baya a tafki, ana kamun tarwaɗa. Ta rubuta. Can ta ce ta karanta zancen al'adarmu, ba za ta sa ni faɗin suna ba. Ita za ta faɗa, ni in gaya mata ko wane ne shi a wurina.

Ta faɗi sunan. Ta ma karya shi, harshenta bai iya ba.

Na dubi ƙofa, a rufe take. Ba surukai, ba dangin miji, ba kowa sai mata biyu da na'ura. Duk da haka sai da na ja mayafi na rufe baki.

Na ce, "Nawa ne. Ni na haife shi. Shi ne babba."

Ban taɓa faɗa ba sai ranar, shi kuma ba ya nan balle ya ji. Matar ta tura mini ruwa, ta jira har na sha.

Bayan wasu watanni aka kira wayar auta aka ce mu zo. Sun karɓi ƙarar. Suka amshi katin ɗorawa suka ba ni shuɗi na cikakken ɗan gudun hijira, da hotona a kai kamar an kama ni da satar akuya. Mai gas bai san an ba ni kati ba, har yau in ya buga sai na dafe bango, shi ya sa ban daina zuwa Abbasiya ba, yanzu wajen wata da doktora ta haɗa ni da ita don magani.

Juma'ar da ta biyo baya na sa auta ya sayo shinkafa da wake da mai, na dafa babbar tukunya, aka sauke ta ƙofar gida lokacin da ɗalibai ke dawowa daga masallaci. Na zauna a kan kujera ina zuba musu da kaina. Wani dogo ɗan Zariya ya miƙo kwano ya ce, "Inna, sadakar wa za mu yi wa addu'a?"

Na ce, "Ta ɗana. Babban."

Suka ɗaga hannu suka yi masa. Gishiri ya yi yawa a shinkafar, na sani, hannuna ya zarce. Duk da haka har ƙanzon suka kankare.